Yadda Ake Kama Kason Da Aka Aza A Kan Kuɗin Da Ba Nasa Ba

"Malam, ina koyar da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare a wata makaranta da ke Gwale. Na ba ɗalibaina tambaya cewa wani ɗan kasuwa ya sayar da turmin atamfa naira 12,000, ya ci ribar kashi 20 cikin 100, a nemo nawa ya saro shi. Fiye da rabin ajin 9,600 suka rubuta, kuma na bi aikinsu layi bayan layi ban ga inda suka yi kuskure a ninkawa ko ɗebewa ba. Ta yaya zan riƙa gane irin wannan da wuri, kuma ta yaya su ma za su riƙa kama kansu?"

Malama, dalilin da ya sa ba ki ga kuskure a layukan ba shi ne babu shi a cikinsu. Kashi 20 cikin 100 na 12,000 lallai 2,400 ne, kuma idan aka cire shi 9,600 ne zai rage. Ɓarnar ta auku tun kafin su ɗora biro a kan takarda, a daidai lokacin da suka yanke a ransu cewa 12,000 ita ce ɗari bisa ɗari. Riba da uwar kuɗi ake auna ta, wato da abin da ɗan kasuwa ya fitar daga aljihunsa ya saro kaya, kuma a tambayarki uwar kuɗin ita ce aka ɓoye. Da yake adadi ɗaya tak yaran suka gani a gabansu, sai suka aza kason a kansa. Wannan adadi da ake ɗauka a matsayin ɗari cif, wanda ake yanko kaso daga jikinsa, shi zan riƙa kira tushe a cikin wannan amsa.

Ga yadda aikin yake idan an kama tushen daidai. Uwar kuɗi kashi 100 ce, riba ta ƙara kashi 20 a kai, saboda haka kuɗin da aka sayar da turmin kashi 120 ne. Idan kashi 120 shi ne naira 12,000, to kashi ɗaya naira 100 ne, uwar kuɗin kuma naira 10,000, ribar naira 2,000. Ga 'yan aji uku na fi son wannan hanya a kan a ce musu kawai su raba 12,000 da 1.2, ko da yake amsar ɗaya ce, domin tana tilasta wa yaro ya rubuta da hannunsa wane ne ɗari, kuma ya ga nawa ne kashi ɗaya. A aikin daidai kashi ɗaya naira 100 ne, a aikin ɗalibanki kuwa naira 120 ne. Tamkar mutumin da ya auno hatsi da ƙaramin kwano ne, da ya tashi mayarwa sai ya auna da babba: kwano ashirin ya ɗiba, kwano ashirin ya mayar, amma hatsin ba ɗaya ba ne.

Hanyar da ta fi kowace tabbas wajen kama wannan kuskure ita ce a mayar da amsar cikin labarin tambayar, a bi shi daga farko zuwa ƙarshe kamar yadda cinikin ya gudana. Ɗalibi ya ce 9,600 aka saro turmin. To, mu yarda da shi. Ɗan kasuwa ya biya 9,600, yana son ribar kashi 20, kashi 10 na kuɗinsa 960 ne, kashi 20 kuma 1,920. Idan ya ɗora zai sayar 11,520. Tambaya ta ce 12,000 ya sayar, ke nan akwai naira 480 da babu wanda zai iya cewa ga inda ta fito. A gwada 10,000 kuwa, a ɗora 2,000, nan take a dira a kan 12,000 ba ƙari ba ragi.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma na ga ya kama yara masu ƙoƙari fiye da ragwaye, domin su ne ke damuwa su duba aikinsu. Idan kika ce wa aji su gwada amsarsu ba tare da kin nuna musu yadda ake gwajin ba, abin da za su yi shi ne su haɗa 9,600 da 2,400, su ga 12,000 ta fito, su ƙara sakankancewa. Wannan ba gwaji ba ne, domin abin da suka cire shi suka mayar, kuma ko wane adadi suka cire da farko, mayar da shi zai dawo da 12,000. Sharaɗin gwaji na gaskiya shi ne a watsar da 2,400 gaba ɗaya, a rufe aikin farko da tafin hannu idan ta kama, a sake lissafa kason sabo fil daga amsar da aka samu. Ki dage a kan wannan sharaɗi har ya zama musu jiki, domin ba tare da shi ba kalmar "ku duba aikinku" ƙara musu ƙarfin gwiwa kawai take yi a kan amsar da ba daidai ba.

Wannan na ɗalibi ne. Ke mai duba takardu arba'in ko sittin a zama ɗaya ba ki da lokacin sake lissafin kowace, kuma ba ki buƙata, domin kuskuren tushe yana barin sawu iri ɗaya a kullum. Ki dubi 2,400 ɗin da suka cire. A cikinta akwai ribar gaskiya 2,000, sannan da rarar 400, kuma 400 ɗin nan ba kowa ba ce illa kashi 20 na ita ribar. Da suka aza kason a kan kuɗin sayarwa, wanda uwa ce haɗe da riba, sai suka lissafa ribar uwa suka kuma lissafa ribar riba. Saboda haka amsarsu za ta gaza ta daidai, kuma giɓin koyaushe kason ne na kason: kashi 20 na kashi 20, wato kashi 4 cikin 100 na uwar kuɗi. Shawarata ita ce kafin ki buɗe takarda ta farko ki lissafa amsar kuskuren da kanki, ki rubuta ta a gefen amsar daidai a takardar makinki. Duk wanda ya kawo 9,600 kin san ciwonsa ba sai kin karanta layukansa ba. Wanda ya kawo 9,800 ko 960 kuwa wata matsala ce daban, shi ne ya cancanci ki bi aikinsa a hankali.

Abin da ke ba wasu malamai mamaki shi ne a tambayar rangwame ma amsar kuskuren ƙasa take faɗowa, duk da cewa a can ƙarawa yaro yake yi. A ce wata mata ta sayi leshi a shago ta biya naira 17,000 bayan an yi mata rangwamen kashi 15 cikin 100, ana neman farashin da aka liƙa wa kayan. Tushen rangwame shi ne farashin da aka liƙa, saboda daga jikinsa ake ragewa. Abin da ta biya kashi 85 ne, kashi ɗaya naira 200, farashin asali 20,000, an rage mata 3,000. Yaron da ya aza kashi 15 a kan 17,000 zai sami 2,550, ya ƙara, ya kawo 19,550. Ya gaza da 450, wadda ita ce kashi 15 na 3,000 ɗin da aka rage. Idan aka mayar da amsarsa cikin labarin, kashi 15 na 19,550 naira 2,932 ne da kwabo 50, matar za ta biya 16,617 da kwabo 50, ba 17,000 ba. Ke nan a duk tambayar da aka ba da ƙarshen ciniki ana neman farkonsa, ko ƙari aka yi ko ragi, amsar da ta ɗan gaza ta daidai ita ce ta farko da za ki zarga.

Girman giɓin ya dogara da girman kason, kuma wannan ne ke bayyana yadda yaro zai yi shekara yana wannan kuskure ba a lura ba. Da ribar kashi 50 ce aka sayar 15,000, mai kuskure zai ce 7,500 a maimakon 10,000, kowa zai gani. Da kashi 10 ce aka sayar 11,000, zai ce 9,900. Da kashi 5 ce aka sayar 10,500, zai ce 9,975, naira 25 kacal tsakaninsa da gaskiya, kuma malamin da ya gaji zai iya ɗauka ƙaramin tuntuɓe ne na lissafi ya wuce. Manya ma suna yi, musamman a harajin kayan masarufi, wanda a Nijeriya ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. Rasit ya nuna jimilla 21,500 har da haraji, mai shago ya danna kashi 7.5 na 21,500 a kalkuleta, ya sami 1,612 da kwabo 50 ya ce shi ne harajin. Harajin a kan farashin kaya aka aza shi kafin a haɗa, jimillar kashi 107.5 ce, kayan 20,000 ne, harajin 1,500. Bambancin naira 112 da kwabo 50 bai kai ya tayar wa kowa da hankali a rasit ɗaya ba, shi ya sa yake daɗewa a littafin shago.

Ɗaya nau'in tambayar shi ne wanda aka ba da kuɗin saye da na sayarwa duka biyu, ana neman kason. An saro 8,000 an sayar 10,000, riba 2,000. A kan uwar kuɗi kashi 25 ne, wanda ya raba da kuɗin sayarwa kuma zai ce kashi 20. A nan sawun ya fi sauƙin ganewa, domin amsar daidai da ta kuskure tafiya suke yi bibbiyu. Ƙarin ɗaya bisa huɗu abokinsa ɗaya bisa biyar, wato 25 da 20. Ƙarin ɗaya bisa biyar abokinsa ɗaya bisa shida, wato 20 da 16⅔. Haka 50 da 33⅓, haka 100 da 50. Dalilin a fili yake: idan uwar kuɗi gida huɗu ce aka ƙara gida ɗaya, kuɗin sayarwa ya zama gida biyar, ribar kuma gida ɗaya ce a duka biyun, abin da aka raba ta da shi ne ya canza. Malamin da ya haddace waɗannan tagwaye huɗu zai kama mafi yawan kuskuren daga nesa. Ki lura kuma da alkibla. A riba tushen kuskure yana ƙanƙanta amsa, a faɗuwa yana kumbura ta. An saro 10,000 an sayar 8,000 faɗuwar kashi 20 ce, mai raba wa da 8,000 zai ce 25.

Akwai wata iyaka da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, domin ba ta buƙatar lissafi. Farashi yana iya tashi da kashi 150 ko 300, amma ba ya iya sauka da fiye da kashi 100, saboda ragin kashi 100 yana nufin an ba da kayan kyauta. Idan kwandon tumatir ya faɗo daga 50,000 zuwa 20,000 lokacin da kaya suka cika kasuwar 'Yankaba, ragin 30,000 ne a kan 50,000, kashi 60. Yaron da ya raba da 20,000 zai rubuta kashi 150, kuma da ya tsaya ya karanta abin da ya rubuta da ya ga yana cewa ne mai tumatir ya ba da kwando kyauta sannan ya bi mai saye da kuɗi.

Game da maganin da ake yawan bayarwa, ina da ja. Malamai da dama suna sa yara su haddace cewa kullum da kuɗin saye ake rabawa. Ƙa'idar tana aiki a riba da faɗuwa, amma yaron da ya riƙe ta hannu bibbiyu zai kai ta cikin rangwame, inda ba ta da hurumi. Wasu kuma suna cewa a raba da babban adadi, ko da wanda aka fara ambata, kuma duka biyun suna rushewa da zarar mai tambaya ya juya jimlarsa. Abin da ya tsaya a ko'ina shi ne tushe shi ne adadin da yake nan kafin canjin ya faru. Kafin a ci riba uwar kuɗi ce take nan, kafin a yi rangwame farashin da aka liƙa ne yake nan, kafin a sa haraji farashin kaya ne. A kwatanta abu biyu kuwa, tushe shi ne wanda aka fi ko aka gaza. Idan buhun masara 40,000 ne a Dawanau, 50,000 a shagon unguwa, na shago ya fi na Dawanau da kashi 25, na Dawanau kuma ya gaza na shago da kashi 20, kuma duka maganganun biyu gaskiya ne. Ki sa dokar aji cewa layin farko na kowace amsa shi ne yaro ya rubuta da kalmomi abin da yake kashi 100, kuma ya faɗa ko an ba shi adadinsa ko shi ake nema.

Inda aka fi zubewa shi ne tambayar da tushe ke canzawa a tsakiyarta, kuma irinta tana jiran yaranki a babbar sakandare da jarrabawar WAEC da NECO. Ɗan kasuwa ya saro shadda 20,000, ya ɗora kashi 40 ya liƙa farashi, sannan gab da salla ya yi rangwamen kashi 25. Nawa ne kason ribarsa? Ƙarin kashi 40 a kan 20,000 ne, wato 8,000, farashin da aka liƙa 28,000. Daga nan tushe ya tashi ya koma 28,000, rangwamen 7,000, an sayar 21,000. Don auna riba sai tushe ya sake komawa uwar kuɗi: 1,000 a kan 20,000, kashi 5. Tushe ya motsa sau biyu a tambaya ɗaya. Amsar kuskure da za ki fi gani ita ce 15, kuma ta hanya biyu take zuwa. Wani zai cire 25 daga 40 kai tsaye, wani kuma zai yi dogon aiki mai tsabta, ya lissafa rangwamen a kan 20,000 ya sami 5,000, ya sayar 23,000, ya ƙare a kan 15 ɗin dai. Kuskurensu ɗaya ne, domin ba a haɗa kaso biyu ko a ɗebe su sai tushensu ɗaya, kuma mai cire 25 daga 40 ya ɗauka tushen ɗaya ne ko bai sani ba. Idan kuma kika ga amsa kusa da 4.8 ko 3.6, wannan yaron ya tsallake matakai biyun farko lafiya, a na ƙarshe ne ya raba 1,000 da 21,000 ko da 28,000, kuma gyaransa ya fi sauƙi ƙwarai.

Dole in faɗi inda raba riba da kuɗin sayarwa ba kuskure ba ne, domin a Kano ba za ki rasa ɗalibin da zai ce haka babansa yake lissafi ba, kuma zai iya yiwuwa gaskiyarsa ne. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya ƙirga cinikin yini ya ce a kowace dubu goma da ta shiga aljihunsa dubu biyu riba ce, a kan ciniki yake aunawa, kuma akantoci suna da wannan ma'auni, ana ma koyar da shi a darasin lissafin kasuwanci tare da ɗan'uwansa na kan kuɗin saye. Kashi 20 a kan ciniki shi ne kashi 25 a kan uwar kuɗi, tagwayen nan ne dai. Idan tambaya ta ce a fili ribar kashi 20 ce na kuɗin sayarwa, to 9,600 ta zama daidai. Amma a darasin lissafi, idan ba a ambata ba, a kan kuɗin saye ake nufi. Kada a ce wa yaron babansa bai iya lissafi ba, a nuna masa ma'auni biyu ne kuma kowanne da abin da yake ɗauka ɗari. Haɗarin a kasuwa yana zuwa ne idan aka gauraya su, kamar mai shagon da ya ɗora kashi 25 a kan kayansa sannan ya yi wa abokin ciniki ragin kashi 20 yana zaton kashi 5 ya rage masa, alhali 10,000 ta hau 12,500 ta sauko 10,000, uwar kuɗinsa kawai ya karɓa.

Wajen ba da maki, ra'ayina shi ne kada tsabtar aiki ta ruɗe ki. A tsarin da ake raba makin hanya da makin amsa, kuskuren tushe kuskuren hanya ne, don haka mai 9,600 bai cancanci makin hanya ba komai kyan layukansa, yayin da wanda ya rubuta 12,000 a kan kashi 120 sannan ya yi tuntuɓe a rabawa ya cancanta. Ki kuma gaya musu cewa a tambayoyin zaɓi sau da yawa amsar tushen kuskure tana cikin zaɓuɓɓukan da gangan, saboda haka ganin amsarka a jerin ba hujja ba ce.

Ga abin da zan yi da wannan aji a darasi na gaba. Zan fara da kaso babba wanda giɓinsa ba ya ɓuya: an sayar 20,000 an ci ribar kashi 100, nawa aka saro? Hanyarsu za ta ba su sifili, wato an saro kaya a banza, kuma su da kansu za su ƙi amsar tun kafin ki yi magana, domin kowane ɗan Kano ya san ribar ninki tana nufin 10,000 ta zama 20,000. Daga nan ki sauko zuwa kashi 50, sannan 20. Bayan haka ki rubuta 9,600 a allo, ki ce musu wannan amsa ce daidai ga wata tambaya, su nemo ta. Wani a cikinsu zai gano cewa tambayar ita ce an liƙa wa turmi 12,000, an yi rangwamen kashi 20, nawa za a biya. Ki jera tambayoyin biyu gefe da gefe, adadi iri ɗaya, kaso iri ɗaya, ki sa kowa ya rubuta a ƙarƙashin kowacce ko 12,000 tana matsayin kashi 100 ne ko kashi 120.